Ka Zo Ran Litinin da Takardunka

Duk wanda ya kama aikin gwamnati a Sakkwato a shekarun 1970 zai tuna ambulan nan doguwa mai ruwan ƙasa, da hatimin shuɗiyar tawada a kusurwarta. Ba ta da wani nauyi a hannu, amma ranar da ta shigo gida har maƙwabta sai sun ji labari. In ka buɗe, ƙamshin tawadar tafireta ne zai fara tarbarka, in kuma ka ɗaga takardar sama sai ka ga haske ta wuraren da mai bugu ya danna aya da ƙarfi har ta huda. Tamu ta zo a 1977. A lokacin ba a daɗe da raba Jihar Arewa maso Yamma ba, domin a 1976 ne aka cire Neja, ma'aikata da yawa suka kwashe iyalansu suka nufi Minna, aka bar tebura babu masu zama. Mu da muka fito daga sakandare a shekarun nan mun ci albarkacin wannan giɓi. Aiki ne yake nemanmu, abin da in na faɗa wa yaran yanzu sai su yi murmushi irin na wanda ba ya son ƙaryata tsoho.

Abin da ke cikin takardar bai wuce layi biyar ko shida ba, kuma da Turanci. An ɗauke ka akawu a mataki na huɗu. Za ka yi shekara biyu a matsayin gwaji kafin a tabbatar da kai. In ka amince, ka rubuto ka faɗa. Ka bayyana a ofishi ranar Litinin kaza tare da takardunka. Sai sa hannun wani a madadin babban sakatare, sa hannun da ba wanda ya taɓa iya karanta shi. Ba a faɗi ƙarfe nawa ba, ba a faɗi ƙofar da za ka bi ba, ba a faɗi wanda za ka nema ba. "Takardunka" ɗin ma ba a ce waɗanne ba. Wanda ya rubuta ya san cewa akwai mutanen da za su cike maka sauran, kuma lalle akwai su.

Kafin ma takardar ta iso hannunka sai ta ratsa hannaye. Mu mutanen ƙauye ba mu da akwatin gidan waya, saboda haka adireshin hedimastan firamare muke bayarwa, ko na ofishin uban ƙasa. Tawa ta yi kwanaki a aljihun teburin hedimasta domin makaranta tana hutu, sai da ya zo ɗaurin aure garinmu ya tuna, ya zaro ta daga aljihun babbar riga tana ƙamshin goro. Waɗanda suka biyo bayanmu sun ɗan fi mu sa'a, domin a zamaninsu akan karanta sunaye a Rima Rediyo bayan labarai, a ce masu sunayen nan su zo su karɓi takardunsu. Wanda bai ji ba, mai shayin bakin tasha ya ji, kuma kafin la'asar saƙo ya kai gida.

Masauki ba a rubuta shi a takarda, amma ba wanda ya kwana a waje. Kowane gari yana da gidan da mutanensa suke sauka a birni. Namu yana Gobirawa, gidan wani dattijo mai sayar da fata, zaurensa kullum da tabarmi a naɗe a jikin bango da randa a lungu. Ka iso da yammacin Lahadi a bayan motar kaya, ƙura ta yi maka fari fat, a ba ka ruwa a buta, a kawo hura da nono mai sanyi a ƙwarya. Da dare mai gidan zai karɓi takardarka ya jujjuya ta, ko da ba ya karanta boko, ya ce ai ya san wani masinja a can, gobe ka ce shi ya aiko ka.

Masinjan nan shi ne saƙon maraba na zamaninmu. Namu tsohon soja ne, yana da kakin da ya sha guga da jar dara, da keken Rale wanda yake jinginawa ƙarƙashin dogonyaro yana goge shi kowace safiya. Ƙarfe bakwai da rabi ake buɗe ofis, shi kuwa tun kafin bakwai ya yayyafa ruwa a baranda ya share, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika wurin. Da ya hango ni da sabon yadi mai sauran karin guga da ambulan a hannu, bai tambaye ni ko wane ne ni ba.

"Yaro, sabon ɗauka na?"

"E, Baba."

"To zamna nan. Mi kaz zo da shi?"

Na miƙa masa satifiket ɗina na sakandare da na firamare, ina ji da kaina. Ya duba, ya mayar mini, ya soma lissafi da yatsu: takardar shekaru, takardar ƙaramar hukuma, takardar likita, hotuna. "In babu waɗanga, babban akawu ba shi buɗa maka hwayil. In babu hwayil, kai baƙo na, ko shekara kay yi kana zuwa." Daga nan ya kwatanta mini inda ake samun kowace, da wadda ya kamata in fara nema domin ta fi cin lokaci.

Takardar shekaru ita ce abin dariyar. Kaɗan ne a cikinmu aka haifa a asibiti, saboda haka babu takardar haihuwa. Sai ka je kotu da wani babba na gidanku, kawu ko baffa, wanda ya girme ka sosai, ya rantse cewa ya san lokacin da aka haife ka. Kawuna ya ce wa magatakarda an haife ni shekarar da fari suka cinye gero, da kaka, bayan an yi wa wance aure. Magatakarda ya dube ni sama da ƙasa, ya yi lissafinsa, ya rubuta 1 ga Janairu. Shi ya sa in ka buɗe tsofaffin fayiloli za ka rantse rabin ma'aikatan Sakkwato rana ɗaya iyayensu suka haife su. Muna dariya a lokacin, ba mu san ranar nan za ta bi mu har ƙarshen aiki ba. Ƙa'ida ita ce ka ajiye aiki in ka cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 kana aiki, duk wadda ta riga zuwa, kuma ranar da aka shigar a fayil da farko ita ake bi. Na ga dattawa sun zo daga baya da sabuwar takardar rantsuwa suna neman a rage musu shekara biyu, aka ba su haƙuri.

Takardar ƙaramar hukuma kuwa sai ka koma gida. Gyaran 1976 bai daɗe da maye gurbin En'e da ƙananan hukumomi ba, don haka ana cikin koyon sabon tsari. Mai unguwa ya kai ka wurin hakimi, a shaida kai ɗan wane ne jikan wane, uban ƙasa ya sa hannu, sannan sakatare ya buga hatimi. Ga wanda ya fito daga Isa ko Sabon Birni, wannan tafiya ce ta kwana da kwanaki a hanyoyin wancan lokaci. Ta likita kuma asibitin gwamnati kaɗai ake karɓa. Ka yi sammako ka bi layi a benci mai sanyi, warin maganin wanke ƙasa yana shiga har maƙogwaro, a auna tsawo da nauyi, a ba ka ƙaramar kwalba, a sa ka rufe ido ɗaya ka karanta haruffa a bango, a ɗauki hoton ƙirji saboda tarin fuka. Ba a ba da sakamako ranar, sai ka dawo.

Hoto na fi tunawa da daɗi. Mai hoto yana da akwatinsa mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle, ya zaunar da kai a kujera gaban labule, ya gyara maka hula, ya ce kada ka yi numfashi. Yana da kwat guda ɗaya da yake ara wa duk mai so, wadda ta yi wa wasu yawa ta matse wasu. Hoton nan baƙi da fari shi ne a bangon fayil ɗina har na yi ritaya, yaro siriri mai zare ido kamar an kama shi a gonar mutane.

Sai da waɗannan suka cika aka kai ni gaban babban akawu. Mutum ne mai tabarau a kan karan hanci, fanka tana juyawa a kansa tana kuka, ya danne takardunsa da duwatsu don kada iska ta kwashe. Na durƙusa na ce ranka shi daɗe, ya ce tashi, nan ofis ne. Ya karɓi satifiket na ainihi, ya duba, ya sa mai tafireta ya kwafe abin da ke ciki, ya buga hatimi cewa ya gani da idonsa, ya miƙo mini abina ya ce in kai gida in adana. Daga nan ya sa na rubuta takardar kama aiki da hannuna, da kwanan watan ranar. A nan ya faɗa mini abin da ba ya cikin ambulan: ba daga ranar da aka buga takardar ɗauka ake lissafi ba, daga ranar da ka sa hannu ka kama aiki ne. Albashi daga ranar yake farawa, shekarun aiki daga ranar, haka ma wanda ya girmi wani a ofis. Wani abokina da muka karɓi takarda rana ɗaya ya tsaya girbi ya zo bayana da mako biyu, kuma har muka tsufa sunana yana gaban nasa a jerin ƙarin girma. Bai taɓa yafe wa geron nan ba.

Albashin bai cika naira ɗari a wata ba, kuma ya ishe mu har da aike gida, a zamanin da sule ɗaya take sayen ƙosai da kunu a ƙoshi. Sai dai na farko ba ya zuwa da wuri. Kafin sunanka ya shiga bauca ya je baitulmali ya dawo, wata biyu ko uku sun wuce. Wannan ma ba a rubuta ba. Masinja ne ya kai ni wurin wata tsohuwa mai tuwo a bayan ofis ya ce, "Inna, ga ɗanki, sabo na, rubuta mai." Ba ta da littafi, a bango take jan layi da gawayi. Ranar da kashiya ya ƙirga mini kuɗina ta taga, sababbi masu ƙamshi, ita na fara biya.

Yanzu saƙon imel ne. Ɗiyar ƙanena tana ofishin kula da ma'aikata a wani kamfani a nan cikin gari, ita take rubuta wa sababbin ɗauka, kuma wani lokaci takan karanta mini kafin ta tura, don ta san ba abin da nake so irin a tambaye ni. Na farkon da ta karanta mini cike yake da murna da kirarin kamfani, sakin layi uku, sai can ƙasa aka ce a zo ran Litinin da takardun da suka dace. Na ce mata, ɗiyata, wannan ai takardar 1977 ce kika yi wa kwalliya, ga shi kuma ba ku da Baba masinja. A ƙofarsu mai gadi ne na kamfanin tsaro, wanda bai san kowa ba, kuma aikinsa ya hana shiga. Duk abin da tsohon nan yake faɗa a ƙarƙashin dogonyaro, yanzu dole saƙon ya faɗe shi. Muka zauna muka gyara, ga yadda ya koma:

"Assalamu alaikum, Malama. Muna yi miki maraba. Za ki fara aiki ranar Litinin ta makon sama, kuma muna so ki iso da ƙarfe takwas saura kwata na safe. Ki shigo ta ƙaramar ƙofa da ke kallon masallaci, domin babbar ta motoci ce. Mun bar sunanki wurin mai gadi. Ki ce wurina kika zo, ofishi na biyu a hannun dama. In kin ɓata hanya ko wani abu ya tsare ki, ki kira lambar da ke ƙasa, ni zan ɗauka.

"Ki zo da takardun karatunki da ta hidimar ƙasa, da takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, da ta ƙaramar hukuma, kowace ta ainihi da kwafi biyu. Za mu duba na ainihin mu mayar miki a take. Ki haɗo da hoton fasfo huɗu, da takardar likita daga asibitin gwamnati, da lambar NIN, da lambar asusun banki mai sunanki, da lambar asusun fansho in kina da ita. In babu, za mu nuna miki yadda ake buɗewa. Ki taho da suna da lambar wayar wanda za a nema in wani abu ya faru. Don Allah ki duba ko sunanki da ranar haihuwarki iri ɗaya ne a duk takardun, in akwai bambanci ki sanar da ni tun yanzu.

"Ranar farko cike takardu ne da zagayawa, za mu tashi ƙarfe huɗu. Akwai wurin salla na mata, akwai mai abinci a harabar. Albashi yana fita ƙarshen wata, amma na farko yakan haɗu da na wata na biyu, saboda haka ki yi shiri. Ba a biyan ko kwabo a kan kowane mataki na ɗaukar nan."

Maganar ƙofa da na dage a kai, wanda bai san Sakkwato ba zai ga kamar ƙaramin abu ne. A garin nan in ka ce wa mai kabu-kabu ya kai ka sakateriya, sai ya tambaye ka wace, ta Giginya ko ta Usman Faruk. In ka ce jami'a, akwai mazaunin cikin gari, akwai na dindindin can wajen Dundaye, kuma tsakaninsu tafiya ce. In ka ce asibiti, akwai na koyarwa, akwai na ƙwararru. Lambar gida da sunan titi ba su cika amfani a nan ba, da kwatance muke tafiya: bayan shataletale, kusa da gidan mai, daura da masallaci. Saƙon da ya ba da adireshi kawai ya bar baƙo a tsakiyar titi, in kuma watan Afrilu ne, rana ta gama da gugar rigarsa kafin ya gano ƙofa.

Layin da ya fi kowane amfani shi ne na daidaiton suna. A zamaninmu in an rubuta Muhammadu a satifiket, Mamman a takardar ƙaramar hukuma, babban akawu zai ɗaga kai ya ce ai ya san mahaifinka, magana ta ƙare. Na'ura ba ta san mahaifin kowa ba. Tun da aka shigo da BVN a 2014, sannan NIN ta zama dole a kusan komai, sunan da ke takardar ɗauka sai ya yi daidai da na banki da na katin ɗan ƙasa. Mu kuwa mutane ne masu ɗaukar sunan gari, yau Abubakar Umar, gobe Abubakar Umar Gwadabawa, jibi Garba Umar. Mace kuma ta yi karatu da sunan mahaifi, ta buɗe asusu da na miji. Alamar matsalar ita ce kowa ya ji ƙarar shigar kuɗi a wayarsa ƙarshen wata ban da sabon ɗauka, ko kamfanin fansho ya ƙi karɓar rajistarsa. Gyaran kuma ba na yini ɗaya ba ne, sai an yi rantsuwa a kotu an bi layin ofishin katin ɗan ƙasa. Shi ya sa na ce mata ta riƙa tura saƙon aƙalla mako guda kafin ranar, kwana goma ma ya fi, don mai zuwa Tambuwal ko Illela neman takardar ƙaramar hukuma ya je ya dawo, mai jiran sakamakon likita ya karɓa. Kada kuma ta sa ranar farawa Juma'a, ranar da hankalin kowa yana masallaci tun hantsi. In azumi ne, ta faɗi lokacin tashi na azumi.

Layin ƙarshen nan na kuɗi ita ta ƙara da kanta, kuma ya ɗan sosa mini rai, domin a zamanin ambulan mai ruwan ƙasa ba a bukatarsa. Yau akwai masu tura saƙon ɗaukar aiki na ƙarya, da tambari da komai, su ce a turo kuɗin fom ko na gwajin lafiya ko na kayan aiki zuwa wani asusu. Ana gane su da abu uku: suna neman kuɗi, suna gaggawa, kuma ba sa ba da sunan mutumin da za ka iya zuwa ka tarar a ofis. Wasu har lambar sirrin katin banki suke tambaya, abin da babu ma'aikatar gaskiya da take nema. Saƙon kirki yana faɗin ƙofa da suna da lambar waya, har in ka ga dama ka je tun ran Alhamis ka gaisa da mai gadi ka tabbatar.

Ban ce da can komai ya fi ba. Mun sha wahalar da layi biyu a takarda za su iya ɗauke mana, kuma wanda ba shi da kowa a birni ya fi mu shan ta. Yarinyar da aka tura wa saƙon nan ta gama cike takardunta kafin azahar, abin da ya ci mini fiye da mako. Sai dai ita ba wanda ya kai ta wurin mai tuwo ya ce ga ɗiyarki. Baba masinja ya rasu tun kafin a cire Kabi a 1991, an sare dogonyaron an yi wurin ajiye motoci, tafiretocin ma ban san inda aka kai su ba.

Ku da kuke rubuta irin saƙon nan a ofisoshin Sakkwato yau, ku rage kirari ku faɗi lokaci da ƙofa da abin da za a riƙo, ku sa sunanku da lambar da za ku ɗauka in an kira. Ranar Litinin ɗin kuma, ƙarfe takwas saura kwata, don Allah wani ya taso daga kujerarsa ya fito bakin ƙofa ya shigo da yaron.